Shago a bakin titi ko ɗakin gida: lissafin mai atamfa a Aboabo

Maman Hafsa:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Ina sayar da atamfa, leshi da mayafai a cikin gida a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma yawancin masu saye mata ne na unguwa da waɗanda ke ganin hotunan kaya a WhatsApp. Wani dillali ya nuna mini shago a bakin titin da ke zuwa Asawase, haya sidi 800 a wata, amma mai shagon ya ce sai an biya shekara biyu gaba ɗaya, wato 19,200, sannan dillalin yana neman kashi goma la'ada. Kafinta ya duba wurin ya ce kanta, akwatin gilashi, fenti da fanka za su ci kamar 6,000. Jarina ya kai 45,000, ina da 12,000 a wurin mai susu, wato mai karɓar zubin ajiya, kuma idan na raba cinikin shekara a kan wata goma sha biyu yana kamawa 18,000 a wata. Ɗakin da nake ajiye kaya ya cika, maigida kuma ya fara gajiya da sallamar baƙi har bayan isha'i. Shin lokacin kama shago ya yi, ko in ƙara haƙuri?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Tun farko dai abin da mai shagon ya nema ya saɓa wa doka. Dokar haya ta Ghana ta 1963, mai lamba 220, ba ta yarda a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba ba, kuma akwai hukumar kula da haya da aka kafa domin irin wannan. Idan kika biya wata shida kawai, 4,800 ke nan, kuɗinki na susu ya ishe ki har da gyara, ba sai kin taɓa kaya ba. Ni a ganina matsalarki ta rashin sanin haƙƙi ce, ba ta jari ba.

Alhaji na Alaba:
Malam Sani, abin da ka faɗa game da doka haka yake, sai dai kai ma ka san yadda ake yi a Kumasi. Ranar da ta ambaci wata shida, mai shago ba zai yi gardama da ita ba, zai ce ta je zai yi shawara, gobe kuma ta tarar wani ya biya shekara biyu ya karɓi makulli. Hukumar tana da amfani bayan an shiga, idan rigima ta tashi a kan ƙarin haya ko kora, amma ba za ta tilasta wa mutum ya ba ka shagonsa ba. Abin da ake iya samu da lallami shi ne a biya shekara ɗaya yanzu, a rubuta ranar biyan ta biyun. Wannan ya cancanci a gwada.

Maman Hafsa, ɗiyata, kafin in ce komai ina da tambaya uku. A cikin 45,000 ɗin, nawa ne kaya da ke ɗaki, nawa ne bashi a hannun mutane? A kan kowane sidi ɗari da kika sayar, nawa ne ribarki bayan kuɗin mota da dako? Sannan wannan 18,000 ɗin, ki cire watannin sallah biyu ki gaya mini cinikin wata na yau da kullum.

Maman Hafsa:
Baba Alhaji, na duba littafi. Bashin da nake bi ya kai 9,000, don haka kayan da ke ɗaki na 36,000 ne. Riba kuwa tana kamawa ashirin a cikin ɗari, misali turmi mai yadi shida da nake sayarwa 250 ina samun 50 a kansa. Watan azumi da watan da ke gaban babbar sallah kowanne ina yin kusan 40,000, sauran wata goman kuma idan aka daidaita su bai wuce 13,600 ba.

Alhaji na Alaba:
Madalla da mai rubutu a littafi, domin da yawa daga cikin masu wannan tambayar ba su iya amsa ko ɗaya. Bari mu bi lissafin a hankali.

Kuɗin shiga shagon ba 19,200 ba ne. Ki ƙara la'adar dillali 1,920 da gyara 6,000, ya zama 27,120. Kina da 12,000 a susu, saboda haka 15,120 daga jikin kaya za su fito, kuma kayan da suke na 36,000 za su koma na kusan 21,000. A nan ne yawancin mutane suke faɗuwa, domin shago ya fi ɗakin gida cin kaya. A gida kina buɗe akwati ki fito wa mace da turmi goma ta zaɓa, ta tafi tana ganin kina da kaya. A shago kuwa kanta ce ke magana, kuma mai wucewa idan ta leƙa ta ga rabin kanta babu komai, ba za ta shigo ba. Ke nan za ki rage kaya a daidai lokacin da ya kamata su ƙaru.

Sai kuɗin kowane wata. Haya 800 ce ko da kin biya ta a gaba. Wuta zan sa 250, don mitar shago ba a farashin gida ake lissafa ta ba, kuma mai atamfa tana bukatar haske mai kyau. Yarinyar da za ta zauna idan kin tafi sari ko kina da hidimar gida, a ce 600. Kuɗin zirga-zirga da abincin rana 300. Lasisin majalisa, kuɗin shara da na mai gadin layi, a ce 150 idan aka raba. Kuɗin gyara da la'ada, 7,920, idan aka raba a kan wata ashirin da huɗu suna kamawa 330. Duka 2,430 a wata. Waɗannan ƙiyasina ne, ki gyara su da abin da maƙwabtan shagon suke biya.

Yanzu ki duba: a watanki na yau da kullum ribarki 2,720 ce. Idan shagon bai ƙara miki ciniki ba, abin da zai rage miki 290 ne. Domin ki tsaya a inda kike yau, ba ma ki ci gaba ba, sai shagon ya kawo sabon ciniki na 12,150 kowane wata a kan wanda kike yi. Tambayar da ya kamata ki amsa ke nan: daga ina wannan sabon cinikin zai fito, kuma da wane kaya za a yi shi?

Ɗan Nima:
Ni daga Accra nake bin zancen. A ganina zamanin shago ya wuce. Ki sayi waya mai kyamara mai kyau, ki riƙa ɗora kaya, a biya ta MoMo, mai babur ya kai. A nan Nima da Mamobi akwai yara mata da ke sayar da abaya fiye da masu shago, kuma ba su biyan kowa haya.

Maman Hafsa:
Ɗan'uwa, ai abin da nake yi ke nan tun tuni, shi ya kawo cinikin inda yake. Damuwata wurin ajiya ce da shigowar mutane gida, da kuma matan da ba na unguwarmu ba waɗanda suke cewa sai sun taɓa yadi da hannu kafin su biya, amma ba su son shiga lungun da ba su sani ba.

Hajiya Mai Turare:
Alhaji, lissafinka daidai ne amma ka tsorata yarinyar nan. 12,150 yana da girma a baki, amma a turmin 250 ai turmi arba'in da tara ne a wata, wato kamar biyu a rana. A bakin titin da ake wucewa zuwa kasuwar Asawase, turmi biyu a rana ba abin tsoro ba ne.

Kuma akwai ribar da ba ka sa a lissafi ba. Lokacin da nake sayar da turare da humra a gida, bashi ne ya kusa kashe mini sana'a. Macen da ta shigo ɗakinka, ta gaida uwar mijinka, ta ɗauki jaririnka, ba ka iya ce mata a'a idan ta ce sai ƙarshen wata. Da na koma shago sai wannan ya ragu sosai, domin yarinyata tana cewa Hajiya ba ta nan kuma ba a ba ta izinin ba da bashi ba, magana ta ƙare. Maman Hafsa tana da 9,000 a waje, kashi ɗaya cikin biyar na jarinta. Idan shago ya dawo mata da rabin wannan kaɗai, ya yi aiki.

Alhaji na Alaba:
Hajiya, na yarda da maganar bashi, amma turmi biyun nan ina da ja a kansa. Ribar 50 a kan turmi ribar gida ce, inda mai saye ta san ta, ta yarda da ita, kuma ba ta da wani shago a gefe da za ta gwada farashi. Mai wucewa a titi ta san cewa da kuɗin mota kaɗan za ta isa Alaba ko Kejetia inda masu sari suke, saboda haka za ta taya ƙasa. Idan ribar baƙuwa ta sauka zuwa 30, sai an sayar da turmi tamanin da ɗaya a wata kafin a rufe 2,430, fiye da uku ke nan kowace ranar aiki, har da ranakun ruwan sama da makonnin bayan sallah da kowa ya san babu ciniki. Kuma wasu daga cikin masu ba ta ciniki yanzu saboda bashin suke zuwa. Idan ta rufe ƙofar bashi, wani ɓangare na 13,600 ɗin zai bi su ya tafi.

Hajiya Mai Turare:
Wasu sun tafi, gaskiya ne, amma waɗanda suka tafi su ne dama ba su biya a kan lokaci. A kan wannan ba za mu daidaita ba, Alhaji, domin kai maza kake sayar wa shadda, ni kuwa na san cinikin mata.

Malam Sani:
Ina so in ƙara wani abu da zai sa biyan shekara biyu ya zama alheri. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wanda ya biya hayar shekara biyu kafin lokacin ya ci riba, domin an ɗaure masa farashi yayin da komai ke tashi. Don haka kuɗin da ta ba mai shago ba asara ba ne, kariya ce daga faɗuwar sidi.

Alhaji na Alaba:
Wannan gaskiya ne ga mai albashi da kuɗinsa ke kwance a banki. Ga ɗan kasuwa ba haka ba ne, Malam, domin kuɗinta ba a kwance suke ba, a cikin atamfa suke, kuma atamfar da ake shigo da ita daga waje ita ma tana bin dala ta tashi. A waccan shekarar wanda ya riƙe kaya bai yi asara ba, wanda ya rage kayansa ne ya kasa mayar da su da ya koma sari. Ban da haka, 15,120 a cikin kaya suna juyawa suna haihuwa sau da yawa a shekara, a hannun mai shago kuwa ba su haifa mata komai.

Akwai kuma wani tarko a biyan gaba da na ga ya kama mutane da yawa. Da yake an riga an biya, ɗan haya yana jin kamar zaman kyauta yake yi, sai ya riƙa lissafin riba ba tare da cire haya ba. Ita a hannu 1,300 kawai za ta ga yana fita a wata, ta ɗauka komai lafiya. Ranar da wata ashirin da huɗu suka cika, a ce mata haya ta koma 1,200 kuma a sake biyan shekara biyu, wato 28,800, sai ta tarar ba ta ajiye komai ba, dole ta sake yankar kaya. Duk wanda ya shiga shago, tun watan farko ya fara zuba kuɗin hayar gaba a susu, kuma ya zuba fiye da abin da yake biya yanzu. Wanda ya wuce wata shida a shago bai iya yin wannan zubin ba, to shagon ne ke cin sa ko da kanta a cike take.

Usman Tela:
Ku yi haƙuri in kawo nawa, ko da yake ni daga rumfa na fito ba daga gida ba. Ina cikin waɗanda aka tayar daga babbar kasuwar Kumasi a 2021 domin ginin kashi na biyu na kasuwar Kejetia. Ban zaɓi kama shago ba, dole ce ta sa, kuma abin da na koya shi ne mai rumfa da mai gida ba ciwo ɗaya suke da shi ba. Mai gida kamar Maman Hafsa mutanenta nata ne, suna da lambarta, duk inda ta koma za su same ta. Mai rumfa kuwa yawancin cinikinsa na layin ne ba nasa ba: mutum ya zo layin masu yadi, ya sayi yadi, ya juya ya ga tela. Da na koma shago mai kyau a unguwa, wuri ya fi faɗi, keke uku suka shiga, amma aikin da masu yadi suke turo mini ya yanke. Don haka duk mai rumfa da ke karanta wannan, kada ya saki rumfarsa ranar da ya kama shago idan yana da iko. Ya bar yaro a can har sai ya ga mutum nawa ne suka bi shi.

A kan shagon Maman Hafsa kuma, ta duba bangon ciki da na maƙwabta ko akwai alamar layin ruwa. Kowa ya san yadda rafin Aboabo da magudanun wajen suke cika da damina, kuma yadin da ruwan kwata ya taɓa ya tashi daga aiki. Sabon fenti a ƙasan bango kawai abin tambaya ne.

Inna Rabi:
Ni tambayata ita ce gudwil. Ba a nema a wurinta ba? Ƙanwata ta nemi shago a Adum aka ce sai ta biya wannan tukuna, ban da hayar wata.

Alhaji na Alaba:
Inna, a Adum da kewayen Kejetia ne aka fi yin haka, inda shago ke da tsada saboda wurin. Ana biyan dunƙulen kuɗi na shekaru biyar ko goma, sannan a riƙa biyan hayar wata daban, kuma ba a mayar da shi idan wa'adi ya cika. A titin unguwa ba kasafai ake nema ba, amma ta tambaya a fili tun yanzu, kada a ɓullo da shi bayan ta biya la'ada.

Tunda an zo kan takarda, ɗiyata, idan har za ki shiga, ki fara sanin mai shagon na gaskiya. Yawancin shagunan zango a jikin gidajen gado aka fasa su, kuma wanda ya karɓi kuɗi yau wataƙila ɗaya ne daga cikin magada. Ki biya a gaban mai unguwa ko babban gidan, ba a hannun dillali ba, a rubuta cewa wa'adi yana farawa ranar da aka ba ki makulli. A rubuta ko kina da izinin sa wani a shagon idan kin kasa ci gaba, domin wannan ne kaɗai hanyar ceto kuɗinki, masu shago ba su cika mayar da abin da suka karɓa ba. A rubuta ko kanta da ƙofar da kika sa naki ne idan za ki fita. Mita kuma ta zama taki ke kaɗai, ko a rubuta yadda ake rabawa, musamman idan maƙwabcinki yana da firiza ko injin walda. Lasisin sana'a kuwa, da yake Aboabo da Asawase suna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong ne tun 2012, can za ki nema, ba majalisar birnin Kumasi ba.

Maman Hafsa:
Baba Alhaji, ke nan shawararka in bari?

Alhaji na Alaba:
Wannan shagon, da wannan sharaɗin, a wannan lokacin, ni ba zan shiga ba. Cikar ɗaki da gajiyar maigida dalilai ne na gaskiya, amma maganinsu ya fi 27,120 araha, domin ɗakin ajiya a cikin unguwa ba ya kai kuɗin shagon bakin titi, kuma kina iya sa wa masu zuwa lokaci. Dalilin da ke sa a kama shago shi ne cinikin da kike gani yana kuɓuce miki saboda wuri, kuma kin ambaci irinsa: matan da suke son taɓa yadi amma ba su shiga lungu. Ki buɗe shafi a littafinki, duk wadda ta tambaya ta fasa saboda wuri ki rubuta ta da kuɗin abin da ta so saye. Bayan wata uku za ki san ko sun kusa 12,150 a wata ko kuwa mutum huɗu ne suka tsaya miki a rai.

Sannan ki gwada titin da kuɗi kaɗan. Ki nemi mai shagon takalma ko kayan kwalliya a layin, wadda ba ta sayar da irin kayanki, ki biya ta wani abu ta ba ki bango ɗaya na wata uku, kuma ki tabbatar watannin ba na sallah ba ne, domin cinikin azumi yana sa kowane wuri ya yi kama da wuri mai kyau. A nan za ki ga ribar da baƙuwa ke bari, ko 50 ce kamar yadda Hajiya take zato ko 30 kamar yadda nake zato. Ni ma'aunina shi ne mutum ya iya biyan kuɗin shiga duka ba tare da ya taɓa kaya ko ya ci bashi ba, kuma ya rage masa kuɗin hidimar wata uku a gefe. A lissafinki hakan ya kai kusan 31,000, kina da 12,000.

Hajiya Mai Turare:
Da wannan ma'aunin na bi, Alhaji, da har yau ina gida. Kuma shago mai kyau ba ya jiran mutum, kafin ta tara 31,000 an ba wani, wanda za ta samu a lokacin kuma ya fi wannan tsada. Ni da zan ba ta shawara, ta matsa a karɓi shekara ɗaya, 9,600. La'ada ta sauka zuwa 960, ta rage gyaran zuwa kanta da fitila kawai, ta bi bashinta da gaske, ta shiga wata biyu kafin azumi domin cinikin sallah ya cika mata kanta.

Usman Tela:
Idan shekara ɗaya ce, to lallai a rubuta kuɗin shekara ta biyu tun yanzu. In ba haka ba, da zarar mai shagon ya ga ta gyara wuri kuma mutane sun saba, shi zai yanka farashin da ya ga dama.

Maman Hafsa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira dillalin na ce ina so in ga mai shagon da kaina, tare da maigida, mu yi maganar shekara ɗaya da kuɗin ta biyu a rubuce. Ya ce mutumin yana Tamale sai mako mai zuwa, kuma ya ce akwai wani da ke son biya gobe, na ce masa idan ya biya rabonsa ne. Hajiya, akwai mai sayar da jakunkuna a layin da muka yi makarantar allo tare, zan je wurinta a kan maganar bango. Nawa ya dace in fara taya mata a wata, kuma idan yarinyarta ce ta sayar mini da turmi ba na nan, ana ba ta wani abu a kan kowane turmi ne ko a haɗa a cikin kuɗin watan?